Hutun zama da 'yar riƙo: nazarin buƙatar wasu ma'aurata a Abuja, 2023

Ma'auratan da yarinyar

Mata da miji ne mazauna Kubwa a Abuja, sun shekara goma sha ɗaya da aure Allah bai ba su haihuwa ba. Matar akanta ce a wani kamfani mai zaman kansa da ke rarraba kayan masarufi, mai ma'aikata kusan 60, kuma ta shekara shida a wurin. Mijin ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, yana mataki na 10. Su biyu ne a gidan, sai wata mai aiki da ke zuwa da safe ta tafi da yamma. Mahaifiyar mijin tana Zariya.

A watan Afrilun 2022 suka kai takarda ofishin walwalar jama'a cewa suna son a ba su yaro daga gidan marayu, su riƙe shi riƙo na dindindin ta hanyar kotu. Kafin su kai takardar sun je wurin malaminsu. Ya karanta musu ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab, ya ce riƙon maraya aikin lada ne, amma ba za su jingina wa yaron nasabarsu ba, ba za su ɓoye masa asalinsa in ya girma ba, kuma abin da suke son bar masa sai dai kyauta tun suna raye, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Suka amince da haka. Takardar kotu kuwa suna buƙatarta saboda makaranta da asibiti da fasfo, da kuma kada wani ya taso wata rana ya ce a dawo da yaron.

Dokar da ke aiki a Abuja kan wannan batu ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Sashe na 131 ya jera sharuɗɗan da sai sun cika kotun iyali za ta ba da umarnin mallaka riƙo. Biyu daga ciki ne suka shafi wannan lamari. Na ɗaya, sai mai nema ya sanar da jami'in walwala niyyarsa aƙalla wata goma sha biyu kafin ranar umarnin. Na biyu, sai yaron ya zauna a hannun mai neman wata uku a jere kafin ranar. Ma'ana yaro yana riga takardar kotu shiga gida, da wata uku ko fiye.

Ranar Litinin 19 ga Yunin 2023 aka kira matar a waya tana ofis. An samu yarinya mai wata ashirin, tsintacciya ce, tun tana 'yar kwanaki take gidan marayu kuma an yi cigiya ba a samu kowa nata ba. Aka ce su riƙa zuwa suna ganinta, za a miƙa musu ita ranar Litinin 3 ga Yuli. Mako biyu ke nan, kuma Babbar Sallah ta faɗo a cikinsu.

Buƙatar farko, 21 zuwa 30 ga Yuni

Ranar 21 ga Yuni kowannensu ya rubuta wa wurin aikinsa. Matar ta nemi hutun haihuwa na mako goma sha biyu, kamar yadda littafin ƙa'idojin kamfanin ya ba mata ma'aikata. Wasiƙar layi huɗu ce. Ta ce an samu ƙaruwa a gidansu, amma ba ta faɗi shekarun yarinyar ba, ba ta ambaci gidan marayu ba, ba ta haɗa da wata takarda ba. Dalilinta shi ne ba ta son maganar ta bazu a ofis. Shekara da shekaru ana yi mata addu'ar haihuwa a bainar jama'a, ta gaji da zama abin tausayi, kuma ba ta son a fara kiran yarinyar da sunan da bai dace ba tun ba ta taka ƙafa gidan ba.

Jami'in kula da ma'aikata ya kira ta ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni dai ban ga alamar ciki ba, kuma fom ɗin nan yana neman takardar likita mai ranar da ake sa ran haihuwa. Me zan liƙa a fayil?" Sai a lokacin ta gaya masa gaskiyar magana. Ya yi mata barka, ya ce zai duba.

Abin da ya duba shi ne Dokar Ƙwadago, sashe na 54. Sashen ya ba mace damar barin aiki in ta kawo takardar likita cewa mai yiwuwa ta haihu cikin mako shida, ya hana a sa ta aiki mako shida bayan haihuwa, ya kuma ce a biya ta aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida a wurin. Komai a sashen ya rataya ne a kan ciki da haihuwa. Babu maganar ɗan riƙo a ciki. Littafin kamfanin ma daga nan aka kwafo shi, sai dai an mai da rabin albashin cikakke. Ranar 26 ga Yuni aka ba ta amsa a rubuce: ba ta cika sharuɗɗan hutun haihuwa ba, amma tana iya ɗaukar abin da ya rage na hutunta na shekara. Kamfanin yana ba da kwana 20 na aiki, ta riga ta ci biyar, saura goma sha biyar.

Mijin ya shiga da ƙarfin gwiwa fiye da ita, domin a ganinsa yana da madogara. A watan Satumban 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikata maza in matansu sun haihu, kuma a watan Nuwamban 2022 ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Dakta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar umarni a kai. Takardar ta haɗa da masu ɗaukar riƙo. Wannan shi ne abin da ya ji a rediyo. Abin da bai ji ba sai da jami'ar gudanarwa ta buɗe masa takardar ta nuna masa da yatsa: hutun na wanda iyalinsa suka ɗauki yaro ɗan ƙasa da wata huɗu ne, kuma sai an haɗa buƙatar da shaidar cewa hukumar da abin ya shafa ta amince da riƙon. Yarinyarsu wata ashirin gare ta, kuma babu takarda ko ɗaya a hannunsa sai kwafin fom ɗin da suka cike tun 2022. Aka ba shi hutun uzuri na kwana uku.

Babu wanda ya ɗaukaka maganar a cikinsu. Lokaci ya ƙure, ga hidimar Sallah, ga sayen gado da katifa. Suka ce mako uku ma wani abu ne.

Mako ukun farko, 3 zuwa 21 ga Yuli

A ranar da aka miƙa ta, nauyin yarinyar kilo 9.4 ne bisa katin asibitin da aka haɗo su da shi. Tana tafiya da kanta, tana faɗin kalmomi uku ko huɗu. Ba ta yi kuka a mota ba, ba ta yi kuka da suka isa gida ba, ta ci tuwo ta yi barci. Kwana huɗu haka, har mijin ya kira mahaifiyarsa ya ce Allah ya ba su yarinya mai haƙuri.

Gidan kuwa bai rabu da baƙi ba. Dangin matar sun zo daga Kaduna, na mijin daga Zariya, ga maƙwabta, ga matan Islamiyya. Kowa ya zo barka sai ya ɗauke ta, ita kuma duk wanda ya miƙo hannu za ta je, har mai kawo ruwa. Ana ta yaba mata cewa ba ta da ƙyuya. Matar ce ta fara lura da wasu abubuwa da suka tsaya mata a rai. Yarinyar ta faɗi ta bugi goshi a bakin tebur, ta tashi ba ta nemi kowa ba, ta koma gefe ta zauna tana kaɗa jikinta gaba da baya. In an ba ta biskit takan ci rabi ta tura rabi ƙarƙashin matashi. In an ɗauke kwano, ko da ta ƙoshi, sai ta ƙanƙame shi.

A mako na biyu kukan ya zo. Takan farka sau uku ko huɗu a dare, ta yi ta ihu, in an ɗauke ta ta banƙare. A mako na uku abin ya fara sauya kama. Ta fara bin matar daga ɗaki zuwa kicin, ta fara yarda a goya ta, ta fara ƙin zuwa hannun wasu baƙin. Farkawar dare ta ragu zuwa sau biyu. Ranar Juma'a 21 ga Yuli hutun ya ƙare.

Komawa aiki, 24 ga Yuli zuwa 9 ga Agusta

Tsarin da suka yi shi ne wanda kusan kowane gida zai yi. Mahaifiyar mijin ta zo daga Zariya ta zauna da su, mai aiki tana taya ta. Mata da miji suna fita ƙarfe shida da rabi na safe saboda cunkoson hanyar Kubwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu mota ɗaya suke shiga, sai wanda ya riga tashi ya jira ɗaya. Ba sa isowa gida sai bayan magariba. Yarinyar tana barci za su fita, saura awa ɗaya ko biyu ta kwanta za su dawo. Ranar farko ma da gangan suka sulale kada ta gan su ta yi kuka.

Tsohuwar ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta raini 'ya'ya bakwai da jikoki da yawa, tana kiran yarinyar kishiyarta, tana yi mata wasa. Amma ranar Talata da Alhamis tana zuwa asibiti saboda ciwon gwiwa, sai a bar yarinyar da mai aiki, in mai aiki ta tafi kasuwa a miƙa ta maƙwabta. A rana ɗaya takan ratsa hannu uku ko huɗu kafin iyayen riƙonta su dawo.

Cikin kwana biyar ta daina cin abincin rana, sai shayi da madara. Farkawar dare ta koma sau biyar. Kalmomin da take faɗi suka ɗauke. Abin da ya fi damun matar shi ne in ta dawo daga aiki yarinyar ba ta tarye ta, sai ta juya mata baya ta ci gaba da kaɗa jiki. Tsohuwar ta ce haƙori ne, aka sayo maganin haƙori. Aka kai ta asibiti ranar 29 ga Yuli, aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na jini, ba a ga komai ba.

Daga 31 ga Yuli matar ta roƙi shugaban sashenta ya bar ta ta yi aiki daga gida kwana uku a mako. Ya yarda da baki, ba a rubuta ba. Wannan ma bai yi ba. Ƙarshen wata ne, lokacin rufe lissafi, ga wayoyi daga rumbunan kaya. Tana gida amma tana kulle a ɗaki da kwamfuta, yarinyar tana jin muryarta tana dukan ƙofa. In ta buɗe aiki ya tsaya, in ta rufe kuka ya tashi. A daidaita lissafin banki na Yuli ta shigar da kuɗin wani dila sau biyu, aka gano bayan kwana huɗu. Ranar 7 ga Agusta aka ce ta dawo ofis kullum.

Ranar Laraba 9 ga Agusta jami'ar walwala ta kai ziyarar duba gida ba tare da sanarwa ba, kamar yadda ta gaya musu tun farko cewa za ta riƙa yi. Ta tarar da yarinyar a gidan maƙwabta. Ta duba katin asibiti, awo na ƙarshe kilo 9.0.

Abin da jami'ar walwala ta faɗa

Ta dawo ranar Asabar ta zauna da su uku, har da tsohuwar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce yaron da ya tashi a gidan marayu ya saba da masu reno da ke canjin aiki, wannan ta safe, wannan ta dare, wata ta bar aiki a kawo sabuwa. Abin da ya koya shi ne babba yana zuwa yana tafiya, don haka kowane hannu ɗaya ne, kuma kuka ba ya kawo kowa da wuri. Shirun kwanakin farko da rashin ƙyuyar da aka yi ta yabawa daga nan suka fito. Kukan mako na biyu da bin da take yi wa matar a mako na uku kuwa alama ce ta fara ware mutum ɗaya ta ce wannan tawa ce. A daidai wannan gaɓar matar ta ɓace mata daga safe zuwa dare, ba sallama.

Ta juya wurin tsohuwar ta ce, "Inna, ba renonki ne da laifi ba. Jikokinki da kika raina sun zo hannunki sun riga sun san uwarsu. Wannan ba ta san ko wace ce uwarta ba tukuna."

Sai ta faɗi abin da take so a yi na aƙalla mako shida. Ciyarwa da wanka da kwantarwa da rarrashi su zama na mata da miji kaɗai. Baƙi su gaisa da ita tana hannun uwar riƙonta, kada a riƙa karɓarta. Lokacin abinci da na barci ya zama ɗaya kullum. A bar mata ɗan abin ci a inda hannunta zai kai, kada a hana ta ɓoyewa, da kanta za ta daina. In ɗayansu zai fita ya yi mata sallama ko da za ta yi kuka, ya kuma dawo lokacin da ya ce. Ta ƙara da cewa rahoton da za ta kai kotu zai faɗi abin da ta gani, kuma abin da ta gani ranar Laraba ba zai taimake su ba in bai canza ba.

Matar ta ce an hana ta hutu. Jami'ar ta tambaye ta wace takarda ta kai musu. Ta ce babu. Jami'ar ta ce ai da sun tambaya tun watan Yuni da an rubuta musu.

Buƙata ta biyu, 14 zuwa 18 ga Agusta

Ranar Litinin 14 ga Agusta suka karɓi wasiƙa mai kan sarki daga ofishin walwala. Shafi ɗaya ce. Ta tabbatar da cewa an miƙa wa ma'auratan yarinya mai wata kaza ranar 3 ga Yulin 2023, tana hannunsu bisa sanin hukuma kafin kotun iyali ta yanke hukunci, doka ta wajabta zaman wata uku kafin hukuncin, kuma ofishin yana ba da shawarar ɗayansu ya zauna da ita a gida na mako shida. Ba a sa sunan gidan marayun ko labarin yadda aka tsince ta ba, domin wurin aiki ba ya buƙatar wannan.

Matar ta sake rubuta buƙatarta, wannan karon zuwa ga manajan darakta ta hannun jami'in kula da ma'aikata. Ba ta ambaci hutun haihuwa ba ko sau ɗaya. Jami'in ne ya nuna mata wani sakin layi a ƙarshen babin hutu na littafin kamfanin, wanda ya ba manajan darakta ikon ba da hutu na musamman, da albashi ko babu, in wani dalili ya taso da littafin bai ambata ba. A kansa ta dogara.

Ta faɗi ranar farawa da ranar dawowa: 21 ga Agusta zuwa 29 ga Satumba. Ta nemi cikakken albashi, ta ce in hakan bai yiwu ba za ta karɓi rabi, daidai da mafi ƙarancin abin da Dokar Ƙwadago ta ba mai jego. Ta rubuta wanda zai riƙe kowane aiki nata: mataimakinta ya ɗauki biyan dilolin da shigar da rasit, ita kuma ta zo ofis ranar Asabar biyu, ɗaya a farkon Satumba ɗaya a ƙarshensa, lokacin da maigidanta yake gida, ta duba rufe lissafin wata ta sa hannu. Ta nemi a bar maganar tsakanin mutum uku. Kuskuren Yuli ma ba ta ɓoye shi ba, ta kawo shi a matsayin shaidar abin da raba hankali biyu ya jawo.

Jami'in ya ɗora nasa bayanin a sama. Ya rubuta cewa dokar Najeriya ba ta tilasta wa kamfanin komai ba a nan, amma ba ta hana ba. Ya kawo misalin Kenya, inda gyaran dokar aiki na 2021 ya ba ma'aikacin da aka miƙa wa yaro hutun wata ɗaya da cikakken albashi tun daga ranar miƙawa, kafin a kammala shari'ar riƙon. Ya kawo na Birtaniya, inda hutun yake kai mako 52 kuma yana iya farawa kwana 14 kafin yaron ya iso, bisa takardar hukumar da ta haɗa su da yaron. Sannan ya yi lissafin da ya san shi ne manajan zai fara dubawa: da haihuwa ta yi, kamfanin zai biya ta mako goma sha biyu cikakku ba tare da kowa ya ce uffan ba.

Manajan ya yi tambaya ɗaya. Ya ce a ƙasar nan wa ba ya riƙon ɗan wani? In ya buɗe wannan ƙofa, gobe duk wanda aka kawo wa ɗan ƙanwarsa daga ƙauye zai zo neman mako shida. Jami'in ya ce, "Ranka ya daɗe, sai mu ɗaure shi da takardar hukuma. Wanda ya kawo wasiƙar ofishin walwala ko ta kotu shi ne zai samu." Ranar Juma'a 18 ga Agusta aka amince da mako shida a kan rabin albashi. Albashinta naira 320,000 ne a wata, hutun ya ci mata kusan naira 220,000.

Mijin bai sake neman hutun kwana 14 ba, tunda sharaɗin wata huɗu ba abin da jami'ar gudanarwa za ta iya ɗagawa ba ne. Ya nemi a matso masa da hutunsa na shekara, kwana 30, daga Disamba ya fara ranar 3 ga Oktoba, ya haɗa da kwafin wasiƙar walwala. Aka sa hannu cikin kwana biyu.

Daga 21 ga Agusta zuwa hukuncin kotu

Makon farko ya fi na Yuli wuya. Yarinyar ta ƙi matar, ta ƙi kowa, tana cizo. Tsohuwar ta koma Zariya da ɗan ɓacin rai, ta ce ita ba ta taɓa jin inda aka hana kaka ba jikarta abinci ba. Wasu dangi ma sun ji haushin a zo barka a hana su ɗaukar yarinya, har aka ce matar ta cika iyayi.

A kwana na goma yarinyar ta fara cin abincin rana, in dai matar ce ke ba ta a baki. A mako na uku ta buge yatsa a ƙofa, ta rugo da kuka ta faɗa jikinta. Farkawar dare ta koma sau ɗaya a mako na huɗu. Awon 16 ga Satumba ya nuna kilo 9.5. Ɓoye abinci bai tsaya ba sai cikin Oktoba.

Mako biyu kafin hutun matar ya ƙare, mijin ya karɓi wankan yamma da kwantarwa, don kada canjin hannu ya zo mata rana ɗaya. Matar ta fara fita da sallama, minti talatin, sannan awa ɗaya, sannan rabin yini. Da ta koma aiki ranar 3 ga Oktoba yarinyar ta yi kuka a bakin ƙofa, ta yi shiru bayan minti goma a hannun mijin, da yamma kuma ta tarye ta. A makon ƙarshe na hutunsa ya fara kai ta gidan reno kusa da ofishin matar, awa biyu yana zaune a wurin, daga baya ya riƙa barinta zuwa azahar. Tsohuwar ta dawo a watan Nuwamba, yarinyar ta yi mata ƙyuya na kwana biyu sannan ta saba.

Jami'ar walwala ta sake zuwa sau biyu. A ƙarshen Nuwamban 2023 kotun iyali ta ba da umarnin riƙon, kusan wata biyar bayan shigar yarinyar gidan.

Hukunci a kan lamarin

Ƙin da aka yi wa buƙatun farko daidai yake da abin da ke rubuce. Jami'an biyu ba su yi zalunci ba, kuma babu kotun da za ta ce sun karya doka. Inda jami'in kamfanin ya gaza shi ne ya amsa tambayar da aka yi masa kawai. Sakin layin hutu na musamman yana cikin littafin tun watan Yuni, kuma ya ji gaskiyar lamarin daga bakin matar. Da ya nuna mata shi a ranar, da mako shidan sun haɗu da mako ukun farko sun zama tara a jere, kuma da ba a yi asarar watan da yarinyar ta koma baya ba. A ganina wannan katsewar ta fi ƙarancin kwanakin illa, domin ta zo ne daidai lokacin da yarinyar ta fara sakin jiki.

Su ma ma'auratan sun yi wata goma sha huɗu suna jiran kira ba su tambayi wuraren aikinsu komai ba. Sirrin da matar ta so riƙewa yana da dalili mai ƙarfi, amma mutum ɗaya a ofis ya isa ya sani tun 2022, kuma ga shi a ƙarshe mutum uku ne suka sani maganar ba ta fita ba. Wasiƙar da ta buɗe ƙofa kuwa shafi ɗaya ce da aka rubuta cikin yini guda.

Sharaɗin wata huɗu da ke cikin takardar gwamnatin tarayya ya ɗauka cewa jariri ne kaɗai ke buƙatar iyaye a gida. Wannan lamari ya nuna akasin haka. Yarinya mai wata ashirin ta zo da abin da ta riga ta koya game da manya, kuma sauya shi ya ɗauki makonni ana abu ɗaya kullum. Ga kuma lissafin da bai fita ba: in shaidar amincewa da ake nema ita ce umarnin kotu, kuma kotu ba ta ba da shi sai bayan zaman wata uku, to ko jaririn da aka miƙa yana ɗan wata biyu ya wuce wata huɗu kafin takardar ta fito.

A watan Janairun 2024 kamfanin ya ƙara sakin layi a littafinsa: mako takwas da cikakken albashi ga ma'aikaciyar da hukuma ta miƙa wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, daga ranar miƙawa, bisa wasiƙar ofishin walwala ko ta kotu. Ba a mayar wa matar rabin albashin da aka yanke mata ba. Sakin layin bai haɗa da maza ba, bai kuma haɗa da riƙon dangi da ba ya bi ta hukuma ba, wanda shi ne ya fi yawa. A watan Maris wani direban kamfanin da yayansa ya rasu ya bar masa yara biyu ya nemi hutun, aka ba shi kwana biyar daga hutunsa na shekara.